Yadda ake lissafin amortisman: lineyer da degiresif, da abin da kowanne ke yi wa ribar da ake biya wa lanho

Duk shekara in watan Maris ya kama aka fara haɗa bilan, wato lissafin ƙarshen shekara na kamfani, sai na sha wannan tambayar, wani ya ji a bakin abokinsa cewa akwai wata hanyar amortisman da ake cewa degiresif wadda ke rage lanho, sai ya zo min biro da saurinsa wai in sa masa ita. Toh bari in faɗa tun daga farko: degiresif ba ya rage maka ko dala ɗaya a jimillar lanhon da za ka biya kan inji guda, lokacin biyan kawai yake turawa gaba. Wannan turawar kuwa wani ta yi masa rana sosai, wani kuma ba ta ƙara shi da komai sai ciwon kai. Na yi shekaru ina riƙe wa ƙananan kamfanoni littafi a nan Yamai, zan nuna maka yadda nake yi da misali ɗaya tak, injin buga bulo, mu bi shi tun daga faktir har shekara ta biyar.

Amortisman dai shi ne raba kuɗin kayan aiki a kan shekarun da zai yi yana maka aiki. Ka sayi inji miliyan 10, ba za a bar ka ka cire miliyan 10 ɗin duka daga ribar bana ba, tunda injin ba bana kaɗai zai yi aiki ba. Kowace shekara kana cire wani yanki a matsayin kashe kuɗi, abin da ya rage na riba shi ake ɗora wa lanho. Iyakar ka'idar da kake buƙata kenan.

Abin da za ka tanada

Faktir ɗin sayen injin, na gaskiya mai suna da NIF, wato lambar lanho, na wanda ya sayar in a cikin ƙasa ka saya. Takardun duwan da na tiransiter in daga waje ya zo. Rasit na kamyon da ya ɗauko shi da na masu haɗawa. Kwanan wata guda 2, ranar da ka saya da ranar da injin ya fara aiki, ka rubuta su daban don ba lallai su zo ɗaya ba. Sai kundin dokar lanho na shekarar da kake wa lissafi, saboda dokar kasafin kuɗi takan taɓa wasu abubuwa, kar ka dogara da fotokofin da wani ya ba ka tun shekaru biyar da suka wuce. Sai kalkuleta da kaye, ko Excel in kana da ordinater. Kaye ya isa wallahi, layi biyar ne kawai.

Kafin ka ɓata lokacinka ka duba tsarin lanhon da kake ciki. In kana cikin masu biyan lanhon dunƙule, wanda ake cewa santetik, wannan lissafin ba zai canza abin da kake biya ba, domin ba a kan ribar da littafi ya fitar ake yanka maka ba. Maganar nan ta waɗanda ke tsarin reyel ce, masu ajiye bilan a DGI, hukumar lanho. Amma ko mai santetik zai amfana da teburin don ya san ko injinsa na ciyar da kansa.

Mataki na 1: fitar da ainihin kuɗin injin

Ba kuɗin da ke kan faktir kaɗai ba ne. Duk abin da ka kashe har injin ya tsaya da ƙafarsa a filinka ya fara fitar da bulo yana ciki. A misalinmu injin kansa miliyan 8, jirgi da duwan da kamyon da ya kawo shi daga Lome miliyan 1 da jika 500, dakalin siminti da aka zuba masa da jan waya da ladan masu haɗawa jika 500. Jimilla miliyan 10 cif.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne TVA. In kai mai karɓar TVA ne kuma kana cire wadda ka biya, to ba ta shiga kuɗin inji, tunda za ta dawo maka ta wata ƙofar. Ni kaina farkon fara aikina na taɓa ɗaukar jimillar ƙasan faktir na zuba a tebur, kayan miliyan 10 ya koma miliyan 11 da jika 900 saboda kashi 19 cikin ɗari na TVA, shekara biyu ina cire abin da ya wuce ƙa'ida ban sani ba, sai da wani dattijon kwantabili ya duba min dosiyen ya sa bik ja ya zagaye lambar, har yau ina ganin jan da'irar nan a idona. In kuwa sana'arka ba ta ba ka damar cire TVA, sai ka haɗa ta cikin kuɗin injin.

Filin da ka girke injin kuma ba a yi masa amortisman, ƙasa ba ta tsufa a littafi. Rumfa da gini ana yi musu amma a teburinsu daban da shekarunsu daban. Simintin buga bulo da yashi da gazuwal su ma ba su shiga nan, kashe kuɗi ne na yau da kullum.

In faktir ya ɓata, ka koma wajen wanda ya sayar maka ya ba ka kwafi, ka haɗa da takardar banki da ta duwan. Kar ka ƙirƙiro lamba da ka, ranar da masu kwantarol suka zo lambar da ba ta da takarda cire ta za su yi su mayar cikin riba.

Mataki na 2: shekarun aiki

Mu za mu ɗauki shekara 5 don lissafi ya fito sarai. A aikin gaske ka duba kason da dokar lanho ta yarda da shi ga irin kayanka, domin inji da mota da ordinater da gini kowanne da nasa. In ka cire fiye da abin da doka ta yarda, rarar za a mayar da ita cikin ribar da ake biya wa lanho. Mun kuma ɗauka cewa bayan shekara 5 injin ba shi da wata darajar sayarwa ta a zo a gani. In ka san tabbas za ka sayar da shi da kuɗi mai tsoka a ƙarshe, SYSCOHADA, dokar riƙe littafin kamfanoni da muke bi, ta ce a fara cire wannan darajar kafin a raba sauran.

Mataki na 3: lineyer

Wannan ba ya cin lokaci. 100 raba 5, kashi 20 cikin ɗari. Kashi 20 na miliyan 10 shi ne miliyan 2. Kowace shekara miliyan 2, sau biyar, an gama. Kullum a kan kuɗin farko ake bugawa.

Mataki na 4: degiresif

Nan ne aikin yake, ka natsu. Za ka ɗauki kason lineyer ɗin nan ka ninka da wata lamba da ake kira kowefisiyan. Ba kai ke zaɓenta ba, doka ce ke bayarwa gwargwadon shekarun kayan, a ƙasashe da yawa na yankinmu masu bin tsarin Faransa za ka tarar da 1.5 ko 2 ko 2.5. Mu ɗauki 2. Kashi 20 sau 2 ya zama kashi 40. Bambancin da lineyer shi ne ba a kan kuɗin farko ake ta bugawa ba, a kan abin da ya rage ne bayan an cire na bara.

Shekara ta 1: kashi 40 na 10,000,000 ya ba da 4,000,000, saura 6,000,000.
Shekara ta 2: kashi 40 na 6,000,000 ya ba da 2,400,000, saura 3,600,000.
Shekara ta 3: kashi 40 na 3,600,000 ya ba da 1,440,000, saura 2,160,000.

A nan ka dakata. In ka ci gaba da cire kashi 40 na saura har abada ba za ka kai sifiri ba, kamar mai rabon goro ne da kullum yake gutsirar wani abu daga abin da ya rage, goron ba zai ƙare ba sai dai ya yi ta ƙanƙancewa. Shi ya sa kowace shekara ake gwaji: ka raba saura da yawan shekarun da suka rage, ka kwatanta da abin da kashi 40 ya bayar, wanda ya fi yawa shi za ka ɗauka. A shekara ta 3, 3,600,000 raba 3 ya ba da 1,200,000, bai kai 1,440,000 ba, don haka muka zauna kan degiresif. A shekara ta 4 kuwa kashi 40 na 2,160,000 shi ne 864,000, amma 2,160,000 raba 2 ya ba da 1,080,000. Kaga rabon daidai ya wuce, daga nan sai a koma kansa har ƙarshe.

Shekara ta 4: 1,080,000, saura 1,080,000.
Shekara ta 5: 1,080,000, saura babu.

Yanzu ka tara duka biyar ɗin. In ba su ba ka miliyan 10 daidai ba akwai kuskure a wani wuri, kuma sau da yawa wannan juyawar ce aka manta. Alamarta ita ce ka ga an kai ƙarshen shekara ta 5 amma akwai saura 777,600 zaune a tebur, duk inda na ga irin wannan guntun na san abin da ya faru.

Mai Excel na Faransanci zai iya duba aikinsa da waɗannan, na farko lineyer, na biyu degiresif na shekara ta 1, na uku na shekara ta 4:

```
=AMORLIN(10000000;0;5)
=VDB(10000000;0;5;0;1;2)
=VDB(10000000;0;5;3;4;2)
```

VDB yana yin juyawar da kansa. Kar ka ɗauki DDB a madadinsa, shi ba ya juyawa, shi ne ma ke barin wancan guntun. In Excel ɗinka na Ingilishi ne AMORLIN sunansa SLN, kuma waƙafi ake sawa tsakanin lambobin.

Mataki na 5: shekarar farko in ba a watan Janairu ka saya ba

Misalin sama ya ɗauka tun 1 ga Janairu injin ke aiki, alhali ba kasafai ake samun haka ba. Shekarar lissafi a wajenmu daga 1 ga Janairu ce zuwa 31 ga Disamba, don haka shekarar farko sai a yanke ta. A ce ka sayi injin 3 ga Afrilu, ya fara aiki 16 ga Afrilu. A lineyer ana ƙirga kwanaki daga ranar fara aiki, wata kwana 30 shekara kwana 360 kamar yadda kwantabili suka saba: kwana 15 na Afrilu da wata 8, kwana 255 kenan. Miliyan 2 sau 255 raba 360 ya ba da 1,416,667, ɗan abin da ya rage sai ya faɗa shekara ta shida. A degiresif yadda aka saba watanni ake ƙirgawa tun daga farkon watan da aka saya, Afrilu zuwa Disamba wata 9, miliyan 4 sau 9 raba 12, miliyan 3. Wanda ya sayi inji a Nuwamba ya cire na shekara cikakkiya ya jawo wa kansa gyara da tara.

Mataki na 6: ɗora su kan riba

Yanzu mu zo ga abin da ya tara mu. A ce bayan an cire siminti, yashi, kuɗin kuran, albashin yara da komai da komai, masana'antar bulon tana barin miliyan 6 kowace shekara kafin amortisman. Lanhon riba mu sa kashi 30 cikin ɗari, kason da muka saba da shi.

A lineyer miliyan 6 cire miliyan 2, riba miliyan 4, lanho 1,200,000. Haka kowace shekara, jimillar shekara biyar miliyan 6.

A degiresif abin hawa yake kamar matakala:

Shekara ta 1: riba 2,000,000, lanho 600,000.
Shekara ta 2: riba 3,600,000, lanho 1,080,000.
Shekara ta 3: riba 4,560,000, lanho 1,368,000.
Shekara ta 4: riba 4,920,000, lanho 1,476,000.
Shekara ta 5: riba 4,920,000, lanho 1,476,000.

Ka tara da kanka, miliyan 6 ne shi ma. Jika 600 da ka tsira da su a shekarar farko da jika 120 na ta biyu, jika 720 kenan, su ne za ka mayar a shekaru ukun ƙarshe, 168 da 276 da 276. Ni yadda nake bayyana wa mutanena shi ne bashi ne gwamnati ta ba ka ba ruwa a kansa, kuma a daidai lokacin da aljihunka ya fi bushewa tunda yanzu ka zuba miliyan 10 a inji. Jika 720 a hannun mai buga bulo ba wasa ba ne, siminti ne da zai juya sau da yawa kafin lokacin biya ya zo, ko kuma ya rage bashin banki mai ruwa da su. Amfanin degiresif kenan gaba ɗayansa, kuma amfani ne na gaske ga wanda kuɗin ke juyawa a hannunsa.

Amma bashi sunansa bashi. Akwai wani Alhaji da nake riƙe wa littafi, mun sa masa degiresif da yardarsa, shekara ta farko har gida ya aiko min da zabi biyu don murna. Shekara ta huɗu na kai masa takarda ya sa tabarau ya duba ya cire ya sake sawa, ya ce "Malam, cinikin bana daidai da na shekarun baya, injin ma ya fara tari, ya aka yi lanho ya ninka har da ɗori?" Na ce "Alhaji, ranka ya daɗe, wancan sauƙin da muka ci a farko ne ya dawo." Bai ji daɗi ba, kuma laifina ne, domin ban zaunar da shi na nuna masa layi biyar ɗin duka tun ranar farko ba, na farkon kaɗai na nuna masa. Tun daga ranar ba na sa wa kowa degiresif sai ya ga teburin har ƙasa ya sa hannu a gefe. Ka lura kuma shekarun da lanho ke hawa su ne shekarun da inji ke fara neman kayan gyara, don haka a riƙa ware wani abu tun ana cikin sauƙi.

Mataki na 7: zaɓe

Tambayar farko, shin kayanka ma ya cancanta? Degiresif na lanho ba na kowane kaya ba ne, galibi sababbin injinan aiki ake ba shi, kayan hannu na biyu da ƙananan motocin hawa yawanci ba su ciki. Ka buɗe kundin doka ka ga sunan irin kayanka da idonka, ko ka tambayi ofishin lanhon da dosiyenka yake. In bai cancanta ba magana ta ƙare, lineyer.

Ta biyu, kana da ribar da za ta haɗiye shi? A ce shekarar farko ciniki bai kankama ba, miliyan 2 da jika 500 kawai aka samu kafin amortisman. Lineyer zai bar maka riba jika 500, degiresif zai jefa ka asarar miliyan 1 da jika 500 a takarda. Wani sai ya ce ai shikenan ba lanho, a'a, akwai mafi ƙarancin lanho, IMF, da ake lissafawa kan jimillar ciniki ko ka ci riba ko ka faɗi. Kaga ka ƙona amortisman mai yawa a shekarar da ba ta ba ka wani sauƙi na kirki ba, sai dai ka yi ta jan asarar zuwa gaba bisa sharuɗɗan da doka ta gindaya. Sabon kamfanin da bai tsaya ba tukuna, ko wanda aka yafe wa lanhon riba na wasu shekaru a ƙarƙashin dokar zuba jari, ni lineyer nake ba su shawara. Mai yafiyar nan ma degiresif cutarsa yake, yana cinye babban kason a lokacin da dama ba ya biya, ranar da yafiyar ta ƙare ba sauran abin cirewa mai yawa.

Ta uku, wa zai karanta bilan ɗinka? In kana shirin neman bashin banki baɗi, ribar miliyan 2 da ta miliyan 4 ba kallo ɗaya ake musu ba, duk da cewa ma'aikacin banki da ya san aikinsa zai mayar da amortisman ya ga ainihin kuɗin da ke shigowa.

Sai maganar sayarwa. In ka sayar da injin a ƙarshen shekara ta 2 kan miliyan 5, a lineyer darajarsa a littafi miliyan 6 ce, ka yi asarar miliyan 1 da za ta rage maka riba. A degiresif saura 3,600,000 ne, sai ya zama ka ci ribar 1,400,000 kan sayarwar, ita ma ta shiga lissafin lanho. Wanda ya san ba zai daɗe da injin ba ya san bashin zai dawo da wuri kenan.

Mataki na 8: rubutawa a littafi

Amortisman da ba a rubuta a littafin kamfani ba, ba a cire shi daga riba, wannan ka riƙe. A tsarin SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki 1 ga Janairu 2018, amortisman na yau da kullum ana zuba shi a debi na 681, kiredi na 28, ga inji 284. In injinka a zahiri daidai yake cin jikinsa kowace shekara amma kana son cin moriyar degiresif na lanho, sai ka rubuta miliyan 2 na lineyer a nan, rarar kuma ta tafi abin da ake kira derogatuwar, debi 851 kiredi 151. A misalinmu shekara ta 1 rarar miliyan 2 ce, ta 2 jika 400, an tara miliyan 2 da jika 400 a 151. Daga shekara ta 3 lineyer ya fi degiresif yawa sai a fara kwasowa, debi 151 kiredi 861: jika 560, sai 920, sai 920. Ƙarshen shekara ta 5 dole 151 ya koma sifiri, in bai koma ba ka sake bin layukan. Kyawun wannan hanyar shi ne ribar aikin yau da kullum tana fitowa yadda take ga mai karanta bilan, sauƙin lanho kuma yana zaune a gefensa daban.

Kuma in ka fara da hanya ɗaya kan inji ka zauna a kanta, ba a yin degiresif bana saboda riba ta yi yawa a koma lineyer baɗi saboda ta ragu, juyawar da aka yarda da ita ita ce waccan ta Mataki na 4. Kowane inji ka buɗe masa fish ɗinsa guda, a sama kuɗin saye da ranakun nan biyu da hanyar da aka zaɓa, a ƙasa layukan shekaru, ka manna kwafin faktir da na duwan a bayansa ka sa a dosiye, domin shi masu kwantarol ke fara tambaya in sun zo.